Tana Haske, Tana Juyi, Miya Kuwa Na Nan da Sanyinta

An zuba miyar jiya a tangaran, an saka a maikurowef, an murɗa minti uku. Fitila ta kama, faranti yana juyi, fanka tana huci, lokaci ya cika ta yi ƙararrawa. Aka buɗe, miya tana nan yadda aka fito da ita daga firij. Wannan ita ce lalacewar da ta fi ɗaure wa masu gida kai, domin duk abin da ido ke gani yana aiki. Shi ya sa wasu kan yi ta ƙara mata minti, wasu kuma su ɗauko sukudireba su ce bari a leƙa ciki, wataƙila wata 'yar waya ce ta cire.

Wannan leƙen ne nake so a bari. Mai gida na iya gano abubuwa da yawa game da ciwon na'urarsa da kunnensa da idonsa da kofin ruwa, ba tare da ya kwance ko sukuru ɗaya ba. Amma daga inda murfin ƙarfen nan ya fara, aikin ya koma na wanda ya san abin da ke kwance a ƙarƙashinsa, ko da kuwa an zare filogi tun jiya.

Gida biyu a akwati ɗaya

Dalilin da ya sa take iya yin komai ban da zafi shi ne, aikin cikinta kashi biyu ne. Fitila, da fanka, da ɗan injin da ke juya faranti, da agogo, duk da wutar gida suke aiki, wato bolt 220 zuwa 240 ɗin da ke zuwa soket a Najeriya da Nijar. Zafin kuwa daga wani sashe dabam yake fitowa, mai manyan kaya huɗu: taransifoma, kafasita, dayod da magnetiron. Taransifoma takan ɗaga wutar gida zuwa wajen bolt 2,000. Kafasita da dayod su haɗu su ninka ta, ta kai kusan bolt 4,000. Sai magnetiron ya karɓi wannan wuta ya mayar da ita igiyoyi irin na rediyo, masu kaɗawa sau miliyan 2,450 a daƙiƙa guda. Su ne ke shiga abinci su motsa ruwan da ke cikinsa har ya yi zafi.

Shi magnetiron ba don girki aka ƙera shi ba. Masana biyu, John Randall da Harry Boot, su suka samar da irinsa mai ƙarfi a Jami'ar Birmingham ta Ingila a 1940, don na'urar hango jiragen yaƙi. A 1945 ne wani injiniyan kamfanin Raytheon na Amurka, Percy Spencer, ya lura cewa igiyoyinsa na dafa abinci. Abin da ke kicin ɗinmu yau jikan wancan kayan yaƙi ne, kuma har yanzu wuta mai ƙarfi yake bukata ko da ya shigo ɗakin girki.

To idan ɗaya daga cikin kayan nan huɗu ya mutu, ko kuma wuta ta kasa isa gare su, sauran sashen ba ruwansa. Fitila za ta ci gaba da haske, faranti ya ci gaba da juyi.

Kafin a zargi na'ura

Gwajin farko na kofin ruwa ne. A cika kofin tangaran ko na gilashi da ruwan famfo, kimanin rubu'in lita, a sa ƙarfin a ƙarshensa, a ba shi minti ɗaya. Maikurowef mai ƙarfin wat 700 da ke da lafiya za ta fito da ruwan da zafin da yatsa ba zai so daɗewa a ciki ba. In ya fito da ɗan ɗumi kawai, ana samun zafi amma ya raunana. In ya fito yadda ya shiga, babu komai. Bambancin nan yana da amfani, domin rauni da mutuwa ba dalilinsu ɗaya ba. Kada dai a gwada ta babu komai a ciki, don igiyoyin da ba su sami abin shiga ba magnetiron suke komawa su gasa shi.

Sai a duba maɓallan. Sau da yawa yaro ne ya murɗa ƙarfin zuwa na narkar da ƙanƙara. Galibin maikurowef ba ta rage ƙarfin magnetiron, kunna shi take yi ta kashe, ya yi 'yan daƙiƙai yana aiki ya yi wasu yana hutu, saboda haka a ƙaramin mataki minti ɗaya ba ya yin komai. Wasu masu allon lambobi kuma suna da tsarin nuni na kanti, wanda kan fito da DEMO a allo. A wannan tsari komai yana motsi, amma da gangan aka hana zafi.

Abu na uku shi ya fi shafar mu a nan, wato ita kanta wutar. Lambar da ke gaban na'ura, 700W ko 800W, ƙarfin da take bai wa abinci ne. Abin da take sha daga soket yana rubuce a takardar da ke bayanta, kuma yakan kai wat 1,100 zuwa 1,300. Ƙaramin janaretan nan na kunna fitila da fanka ba zai iya da ita ba, haka ƙaramar inbata ta sola. Ranar da aka kawo wuta mara ƙarfi, irin wadda fanka ke juyawa da ƙyar, fitilar maikurowef da farantinta za su yi aiki, amma magnetiron yana da iyakar da in wuta ba ta kai ba, ba zai tashi ba sam, ko ya tashi da rauni. Doguwar siririyar wayar jona da aka ɗora wa firij da dutsen guga ita ma takan jawo haka. Na'urori da yawa sun je shagon gyara lafiyarsu ƙalau. A jona ta kai tsaye a soket ɗin bango a lokacin da wuta ke da ƙarfi, a sake gwajin kofi, sannan a yanke hukunci.

Abin da kunne ke faɗa

Wanda ya daɗe da maikurowef ya san muryarta ko da bai taɓa lura ba. Da an danna, fanka ce ke fara huci. Tare da ita, ko bayan daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, sai a ji ɗan ƙas, sannan wani ƙugi mai kauri ya shigo daga ƙasa, har fitilar ɗaki takan ɗan dusashe. Wannan ƙugin na taransifoma ne lokacin da ta ɗauki kaya. Duk binciken da za a yi daga waje a kansa ya rataya.

Idan babu ƙugin nan sam, hucin fanka kaɗai ake ji, fitilar ɗaki kuma ko gezau, to wuta ba ta isa taransifoma ba. Laifin yana kan hanya: makunnin ƙofa, ko rile da ke kan allon sarrafawa, ko wata waya da bakinta ya ƙone. Wannan labari ne mai daɗi, don kayan nan ba su da tsada.

Idan kuma ƙugin ya zo da ƙarfi fiye da yadda aka saba, gurnani mai sa jikin akwatin rawa, wani lokaci da ƙaurin waya, to wuta ta isa sashen, amma akwai inda take zurarewa kai tsaye. Dayod ne ya haɗe, ko kafasita, ko magnetiron. A nan kashewa ake yi nan take a zare filogi. Duk daƙiƙar da aka ƙara taransifoma ce ke gasuwa, ita kuwa in ta ƙone gyaran ya kusa kuɗin sabuwa.

Akwai na tsakiya: an ji ƙas, an ji ɗan siririn ƙugi, amma bai yi kaurin da aka sani ba. Taransifoma ta sami wuta, ba ta sami mai karɓa ba. Ko dai fis ɗin babbar wuta ya yanke, ko dayod ya tsinke a ciki, ko zaren da ke cikin magnetiron ya mutu. Kunne ba zai iya raba ukun nan ba, sai mita.

Sai wadda kan fara zafi lafiya, bayan minti biyu ko uku ta daina, in ta huce ta dawo. A jikin magnetiron akwai ɗan makunnin da ke yanke wuta in zafi ya yi yawa. Ƙurar hunturu da maiƙon girki sukan toshe ramukan iska, ko a manna na'urar da bango, ko fanka ta gaji. A share ramukan daga waje, a ba ta tazara ta baya da gefe, sau da yawa maganar ta ƙare ke nan.

Ƙofa da makunnanta uku

Ƙugiyoyin roba biyun nan da ke bakin ƙofa, in an rufe sukan shige ramuka su danna ƙananan makunnai a ciki, yawanci guda uku. Na farko shi ke ba taransifoma wuta. Na biyu shi ke shaida wa allon sarrafawa cewa ƙofa a rufe take. Na ukun mai gadi ne, aikinsa kuma abin mamaki ne: idan aka buɗe ƙofa alhali na farko ya maƙale bai yanke wuta ba, sai shi mai gadin ya haɗe wutar da gangan, babban fis ya ƙone, na'ura ta mutu gaba ɗaya. Masu ƙera ta sun zaɓi ta mutu da ta yi aiki ƙofa a buɗe. A Amurka doka ce ta wajabta wannan tsari, kuma kusan duk maikurowef da ake sayarwa a duniya haka take.

Kowane ɗayansu da irin alamarsa. In na farko ya ƙi haɗawa, agogo zai ƙirga, a wasu ire-iren har fitila da faranti su yi aiki, amma babu ƙugi babu zafi. In na biyu ne, ko ta ƙi tashi sam, ko kuma ta yi abin da ke tsorata mutane, wato fanka ta tashi da an buɗe ƙofa. In kuwa fis ne ke ƙonewa daidai lokacin buɗe ƙofa ko rufe ta, to tsakanin na farko da mai gadi ne lissafi ya rikice.

Akwai gwajin da kowa zai iya. Tana cikin aiki da kofin ruwa a ciki, a ɗan danna ƙofar da tafin hannu ta wajen ƙugiyoyin, ko a ɗan tallafo ta sama. Idan ƙugin ya shigo da an danna, ya ɗauke da an saki, an kama ɓarawon: ko makunni ya gaji, ko ƙugiya ta cinye, ko ƙofar ta sauka. Amma wannan gwaji ne kawai. Ban yarda da a ci gaba da girki ana tokare ƙofa da hannu ko da kujera ba.

Abin da ke kashe makunnan nan kuwa halinmu ne. Yawancinmu ba ma danna tsayawa, fizgo ƙofa muke yi tana cikin aiki. A lokacin makunnin farko yana ɗauke da wajen amfiya 5, kuma duk fizga sai ɗan tartsatsi ya tashi a bakinsa. Yau da gobe bakin ya ƙone, ko ya narke ya manne. Buga ƙofa da ƙarfi kuma shi ke karya robar da ke riƙe da su.

Wani gyara da ake yi a wasu shaguna yana tayar min da hankali. Fis ya ƙone, sai a naɗa masa siririyar waya, ko a cire wayar mai gadi don ya daina ƙona fis, ko a haɗe makunnin da ya lalace. Na'ura za ta tashi, mai ita ya yi murna, amma an kwashe duk abin da ke hana ta watsa igiyoyi ƙofa a buɗe, a gidan da yara ke miƙa hannu. Ƙa'ida ita ce in mai gadi ya ƙona fis, a canza fis da irinsa, a canza makunnan da abin ya shafa tare. Makunnan ma ba iri ɗaya ba ne ko da sun yi kama: mai gadi a haɗe yake sai an danna shi ya rabu, sauran biyun akasin haka.

Wata da aka gyara a gabana

A shagon wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin na ga an bi aikin nan daki-daki. Wata baiwar Allah ce ta kawo maikurowef ɗinta, 'yar lita 20 mai wat 700. Tun kafin a sauke ta ta ce wani yaro ya duba ya ce magnetiron ne, ita dai a faɗa mata kuɗinsa.

Ya ce, "Hajiya, bari mu ji tarihinta tukuna. Ranar da ta daina zafi, me kika ji?"

Ta ce, "Wallahi Baba, wani irin gurnani ta yi kamar za ta fashe, har da ɗan ƙauri. Na kashe. Da na sake kunnawa sai ta yi shiru, tana juyi dai, amma ba zafi."

Wannan amsa ta rage masa rabin aiki. Gurnani sannan shiru yana nufin wani abu ya haɗe, fis ɗin babbar wuta kuma ya yanke don ya ceci taransifoma. Ya sa kofin ruwa ya kunna, murfi a rufe, ya kasa kunne. Ƙas ɗin ya zo, siririn ƙugi ya biyo. Ya ce ƙofa ba ta da laifi. Ya zare filogi ya ajiye shi kan tebur inda idonsa ke gani, ya jira, ya kwance murfi, ya sauke cajin kafasita kafin ya taɓa komai. Zan dawo kan wannan.

Fis ɗin yana cikin wani farin kwanson roba a kan wayar da ta fito daga taransifoma, an rubuta masa 5kV 0.75A. Mita ta nuna ya yanke. Mai gaggawa a nan zai tsaya ya sa sabo, sabon kuma ya bi sahun tsohon cikin daƙiƙa biyu, don fis ba ya ƙonewa haka kawai. Ya wuce kan dayod, wani baƙin abu mai tsawon yatsa, kai ɗaya a jikin kafasita, ɗayan an ɗaure shi da sukuru a jikin ƙarfen akwati. Aikinsa ya bar wuta ta bi ta fuska ɗaya, ya tare ta ta ɗayar.

Gwajin dayod ɗin nan yana ruɗin masu koyo. A cikinsa ƙananan dayod ne da yawa aka jera, saboda haka 'yar wutar da mita ke turawa ba ta isa ta buɗe su ba. Lafiyayye ma sai mita ta nuna kamar a tsinke yake ta kowace fuska, a jefar da shi a banza. Dattijon ya cire shi, ya jona shi da batir mai bolt 9 da mita a layi ɗaya. Lafiyayye zai nuna 'yan bolt ta fuska ɗaya, in an juya shi ya nuna babu. Wannan ya nuna kusan 9 ta nan, kusan 9 ta can. Ya zama waya kawai.

Bai tsaya nan ba, don magnetiron da ya haɗe yakan ja dayod su tafi tare. Ya zare wayoyi biyun da ke bakin magnetiron ya auna tsakaninsu: ƙasa da om ɗaya, daidai ke nan, domin zaren ciki gajere ne mai kauri, wanda ke aiki da bolt 3 da ɗoriya kawai. Ya auna kowane baki da jikin ƙarfen, mita ba ta motsa ba, nan ma daidai. Ya haska tocila kan zoben maganaɗisu biyun, babu tsagewa. Ya duba takardar maika da ke bangon ɗakin girkin, wadda ke rufe ramin da igiyoyi ke fitowa, ba ta ƙone ba. Kafasita ba ta kumbura ba, ba ta yoyon mai, bakunanta ba su haɗe ba.

Ya sa sabon dayod, CL01-12, ya kula da fuskarsa, ya sa fis irin na da. Ya goge ƙurar da ta dunƙule a fiffiken fanka da ramukan iska. Ya mayar da murfi ya ɗaure duka kafin ya jona wuta. Sannan ya auna lita ɗaya ta ruwa, ma'aunin zafi ya nuna 28, ya ba ta minti ɗaya, ya motsa ruwan, ya nuna 37. A lissafi wat 700 kan ɗaga lita ɗaya da digiri 10 a minti guda, saboda haka 9 ba laifi. Da 3 ko 4 ya samu alhali wuta na da ƙarfi, da zargi ya koma kan magnetiron, domin wanda ya tsufa yakan ci duk gwajin mita amma ya kasa aiki. Mita tana iya tabbatar da cewa magnetiron ya mutu, ba ta iya tabbatar da cewa yana da rai.

Da magnetiron ɗin ne, shawarar sai an yi lissafi. Shi ya fi tsada a kayan da ake canzawa, kuma sai an dace da lambarsa, irin su 2M214 ko OM75P, da yanayin zamansa. A ƙaramar na'ura da ta tsufa, cikinta ya fara tsatsa, ni ba na ba da shawarar sa kuɗi. Sababbin nan masu inbata, da Panasonic ta yi fice da su, ba su da babbar taransifoma, kuma sukan faɗi ciwonsu a allo da H97 ko H98. Amma wutar da ke zuwa magnetiron ɗinsu ita ma dubbai ce.

Me ya sa kafasita ba ta mutuwa da zare filogi

Kafasita wani gwangwani ne mai ruwan azurfa, bai kai girman tafin hannu ba, da bakuna biyu a kansa. Masu fanka sun san ƙanwarta, wadda ake canzawa in fanka ta rage gudu, kuma wannan sabon ne ke sa a raina ta. A jikin ta maikurowef za a ga an rubuta abu kamar 1.0µF 2100VAC. Aikinta tara caji, kuma takan cika har kusan bolt 3,000.

A ɗauke ta kamar randar da aka cika, aka yi mata 'yar huda a gindi don ruwan ya tsiyaye a hankali in an daina zubawa. Hudar nan wata rezista ce da aka saka a cikin gwangwanin, mai om miliyan 10. Idan tana da lafiya, bayan daƙiƙa 10 da kashewa sauran wajen bolt 1,100, bayan daƙiƙa 30 wajen 150, bayan minti ɗaya abin ya zama kaɗan. Ko a lafiyayyar na'ura ke nan, wanda ya zare filogi ya cusa hannu nan take zai gamu da ita.

Matsalar ita ce rezistar tana iya tsinkewa, kuma babu wata alama. Na'ura za ta ci gaba da girki shekara da shekaru ba wanda ya sani, tunda a rufe take cikin gwangwani. In ta tsinke, cajin ba shi da mafita. Dayod tare shi yake yi ta wannan fuska. Magnetiron ba ya karɓar wuta in zarensa ya huce. Sai cajin ya zauna awoyi, har kwanaki. Abin da ya fi muni, na'urar da ba ta zafi ita ce wadda mutum zai so buɗewa, ita ce kuma wadda zai yiwu kafasitarta ta cika fal: in zaren magnetiron ya mutu, ana ta zuba mata caji babu mai sha. Kuma daga waje ba wanda zai iya cewa wace lalacewar ce a ciki.

Wanda ya taɓa bakinta da hannu ɗaya, ɗayan hannun na kan jikin akwati, cajin ta ƙirjinsa zai ratsa. Yana ƙona fata, yana fizge jiki ya maka hannu a kan kaifin ƙarfe, yana kuma iya rikita bugun zuciya. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne kunna ta murfi a buɗe. Taransifomar na iya tura rabin amfiya a bolt 2,000, alhali abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba ya isa tsayar da zuciya. Irin wannan wuta tana huda robar sukudireba ta kasuwa, tana tsallake ɗan tazara ta kamo yatsa. Na'urar kare jan wuta da ake sakawa a wasu gidaje ma ba ta ganin abin da ke faruwa a bayan taransifoma. Mitar hannu kuwa iyakarta bolt 600 ko 1,000, don haka ba a auna wannan sashe yana aiki.

Ga yadda dattijon nan ya yi, kuma shi ya kamata mai kaya ya sa ido ya gani a wurin mai gyaransa. Ba agogo ko zobe a hannunsa, takalmin roba a ƙafa, ƙasa a bushe. Hannu ɗaya ya yi aikin, ɗayan yana bayansa. Da wata waya mai kaurin rufi da rezista a tsakiyarta, wadda ya riƙe da filaya mai rufaffen hannu, ya haɗa bakunan kafasita biyu ya daɗe, sannan ya haɗa kowane baki da jikin ƙarfen akwati. Bayan haka ya maƙala wata waya tsakanin bakunan ya bar ta a nan har ya zo auna kafasitar, don takan ɗan farfaɗo da wani caji bayan an sauke ta. Da yawa sukan gitta sukudireba kawai ta yi tas. Yana sauke cajin, amma tartsatsin na cin bakunan, kuma ran mutum ya rataya ne kan robar hannun sukudirebar. Mai gyaran da ya kwance murfi ya kai hannu kai tsaye, ko ya jona wuta murfi na gefe don ya ga ko ta tashi, gara a ɗauke masa kayan.

Haɗarin bai ƙare da mutuwar na'urar ba. Maikurowef da aka haƙura da ita takan zauna a bayan ɗaki ko a sito, yara su kwance ta don maganaɗisu, masu sayen gwangwan su farfasa ta don tagullar taransifoma. In an yanke shawarar rabuwa da ita, a sa mai gyara ya sauke cajin kafasitar ya ɗaure bakunanta da waya, a yanke wayar filogin daga gindi, sannan a miƙa ta ga mai saye.